Kwana Sittin Daga Yaushe? Shawara Ga Ɗan Hayar Da Ke Neman Ƙarin Wa'adi

Assalamu alaikum Malam. Shekarata huɗu a gidan da nake haya, ina biya wata-wata a ranar ɗaya ga wata, kuma ban taɓa bari wata ya riski wani ba. Mai gidan ya ba ni notis na kwana 60, kamar yadda yarjejeniyarmu ta tanada, saboda yana so ya yi wa gidan babban gyara. Takardar tana ɗauke da kwanan watan 27 ga Janairu 2026, amma wakilinsa bai kawo mini ita ba sai 3 ga Fabrairu. Na sa hannu a kwafinsa, sai dai ban rubuta kwanan wata ba. Yanzu wakilin yana cewa wa'adina zai cika 27 ga Maris, ni kuwa ina ganin ya wuce haka. Na sami wani gidan, amma ba za a ba ni makulli ba sai 30 ga Afrilu. Yau 24 ga Fabrairu. Ina so in rubuta wa mai gidan in nemi ƙarin lokaci, amma raina a ɓace yake, kuma ban san ko in fara da ƙorafi a kan lissafin ko in yi roƙo kawai ba. Ina da iyali. Me kake gani?

Ɗan haya mai neman mafita

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɓacin ranka yana kan hanya, domin mutumin da ya shekara huɗu yana biya a kan kari ba ya tsammanin a yanke masa mako guda daga wa'adinsa da fatar baki. Amma ina so ka ajiye ɓacin ran a gefe na ɗan lokaci, ka ɗauko kalanda da biro, domin wasiƙar da za ka rubuta a kan lissafi za ta tsaya. Wanda ke neman ƙari dole ya fara sanin inda nasa ya ƙare, in ba haka ba zai roƙi kwanakin da tun farko haƙƙinsa ne, ko kuma ya nemi abin da bai kai buƙatarsa ba.

Mu fara da ranar wakili. Yadda ya samo 27 ga Maris a fili yake: ya ɗauki ranar da aka rubuta takardar, ya ɗora mata wata biyu. Kuskure biyu ne a cikin wannan. Na farko, kwana 60 da wata biyu ba abu ɗaya ba ne, musamman idan Fabrairu ta faɗo a tsakiya, ita da take da kwana 28 a wannan shekarar. Ko da za a yarda a fara ƙirge daga ranar da aka rubuta takardar, Janairu za ta ba da kwana 4, wato daga 28 zuwa 31, Fabrairu ta ba da 28, jimla 32, saura 28 a ɗebo daga Maris. Ka ga kenan, ko a kan ƙa'idarsa, 28 ga Maris ya kamata ya ambata. Ba na zarginsa da mugun nufi. Mutane da yawa haka suke yi, su ji "sittin" su ce "wata biyu" su wuce, ba tare da sun ɗora yatsa a kan kalanda ba.

Kuskure na biyu shi ne mai nauyi. Notis sanarwa ce, kuma sanarwa ba ta fara aiki a kan mutum sai ta isa gare shi. Takardar da ta yi mako guda a jakar wakili ba ta sanar da kai komai ba a cikin makon nan. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a ƙirga daga isar takarda, a bar ranar isar a waje, a fara da washegari, sannan ranar ƙarshe ta zama taka har zuwa cikarta. Harshenmu ma ya sauƙaƙa mana fahimtar wannan, tunda da kwana muke ƙirge: ranar da aka miƙo maka takarda ba ka kwana da ita ba tukuna, sai gari ya waye za ka ce yau kwananta ɗaya a hannuna. Don haka 4 ga Fabrairu ita ce rana ta ɗaya. Daga 4 zuwa 28 ga Fabrairu kwana 25 ne. Maris ta kawo 31, sun zama 56. Saura huɗu, waɗanda suka kai mu 4 ga Afrilu. Wannan ce ranarka, kuma tsakaninta da ranar wakili akwai kwana takwas.

Kada ka karɓi lissafina ba tare da ka gwada shi ba. Ranar 3 ga Fabrairu Talata ce, don haka kowace Talata da ta biyo baya tana ƙara bakwai. Ka bi layin Talata a kalanda ka sauko da biro: 10 ga Fabrairu ka rubuta 7, 17 ka rubuta 14, yau 24 ka rubuta 21, sai 3 ga Maris 28, 10 ga Maris 35, 17 ga Maris 42, 24 ga Maris 49, 31 ga Maris 56. Daga nan ka taka ɗaya-ɗaya: Laraba 57, Alhamis 58, Juma'a 59, Asabar 60. Idan hanyoyin biyu suka haɗu a rana ɗaya, lissafin ya zauna. Yau kenan ka ci kwana 21, saura 39, alhali a lissafin wakili 31 suka rage maka.

Kafin ka dogara da wannan ranar, sai ka sake buɗe takardar yarjejeniya ka karanta sakin da ya yi magana a kan notis, kalma bayan kalma, domin abin da kuka sa wa hannu yana gaba da abin da aka saba. Ka duba ko an ce daga ranar da aka rubuta ko daga ranar da aka miƙa, ka duba ko kwanakin kalanda ne ko ranakun aiki kaɗai, domin idan ranakun aiki ne wa'adin zai yi nisa ƙwarai. Ka kuma lura cewa 4 ga Afrilu Asabar ce. Wasu yarjejeniyoyi da wasu dokoki suna ɗage ranar ƙarshe zuwa ranar aiki ta gaba idan ta faɗo a ƙarshen mako, amma kada ka ɗauka haka ne a wurinka sai ka gan shi a rubuce. Haka nan, a wurare da dama doka tana ƙayyade mafi ƙarancin notis ga mai biya wata-wata, a wasu kuma tana so wa'adin ya cika daidai da ƙarshen zangon haya. Wannan tambaya ce ta zama ɗaya da lauya ko ofishin ba da agajin shari'a, kuma ka tafi da takardun biyu a hannunka.

Rauninka ɗaya ne, kuma kai da kanka ka nuna shi: ka sa hannu ba ka rubuta kwanan wata ba. Idan aka shiga jayayya, abin da ke rubuce a kan takardar 27 ga Janairu ne kawai, sauran kuwa maganarka ce da maganarsa. Saboda haka ka koma cikin wayarka yau ɗin nan, ka nemi kiran da wakilin ya yi maka ranar 3 ga Fabrairu ko saƙon da ya ce ga shi nan tafe, ka nemi hoton takardar idan ka ɗauka ka tura wa wani a ranar, domin hoto yana ɗauke da ranar da aka ɗauke shi. Ka tuna wanda yake wurin lokacin da aka miƙa maka. Sannan a cikin wasiƙarka ka ambaci ranar karɓar a sarari, cikin ruwan sanyi, kamar abin da kowa ya sani. Idan mai gida ya amsa bai musanta ba, amsar tasa za ta ƙarfafa maganarka.

Yanzu ga tambayarka, ko ƙorafi ko roƙo. Amsata ita ce ka faɗi lissafin a jumla biyu ko uku, ba tare da zargin kowa ba, sannan ka ba roƙon sauran wasiƙar. Dalili kuwa, ko ka yi nasara gaba ɗaya a kan lissafin, 4 ga Afrilu ka samu, kai kuma buƙatarka ta kai ƙarshen wata. Kwana takwas ɗin nan haƙƙi ne da za ka iya tsayawa a kansa, amma abin da ya biyo bayansu alfarma ce, kuma ba a tilasta wa mutum yin alfarma. Idan ka cika shafi da laifin wakili, ka ɓata wa mutumin da mai gida zai juya ya tambaya, "Me kake gani, mu ƙara masa?" Kana buƙatar bakin wakilin nan, ko aƙalla shirunsa.

Kwana nawa za ka nema? Daga 5 zuwa 30 ga Afrilu kwana 26 ne, amma ban ba ka shawarar ka tsaya a nan ba. Ranar 30 ga wata Alhamis ce, kuma ranar karɓar makulli ce. Ba a karɓar makulli da safe a kwashe gidan shekara huɗu kafin magariba, balle idan aka sami jinkirin kwana ɗaya daga wancan ɓangaren, abin da yakan faru. Ka nemi zuwa Litinin, 4 ga Mayu. Wannan zai ba ka Juma'a da Asabar da Lahadi na kwashe kaya da share gida, ka miƙa makulli ranar aiki, kuma jimlar ta zama kwana 30 cif. Gara ka nemi talatin sau ɗaya da ka nemi ashirin da shida sannan ka dawo kana neman huɗu, domin roƙo na biyu shi ne yake sa mai gida ya fara tunanin cewa ba ka da niyyar tashi. Kuma ko yaushe ka ambaci adadin kwanaki, ka haɗa shi da sunan rana da kwanan wata. Idan ka ce "ƙarin kwana 30" ka yi shiru, wakili zai ɗora su a kan 27 ga Maris, ka wayi gari wa'adinka ya ƙare 26 ga Afrilu, kwana huɗu kafin ka ga makullin sabon gida.

Ka ɗan zauna a kujerar mai gidan, domin daga can za ka ga abin da zai sa ya ce a'a. Wataƙila ya riga ya yi magana da magina, ya sa musu rana, ya sayi kaya. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma kana iya rage ta idan ka yarda ma'aikata su shigo su yi awo da duba a lokacin da kuka tsara, ko su fara aikin waje wanda ba zai cutar da iyalinka ba. Kada dai ka yarda a fara yaye rufi ko taɓa wayoyin lantarki kuna ciki. Damuwarsa ta biyu ita ce wadda ba zai faɗa maka ba: masu gidaje suna tsoron cewa idan suka karɓi kuɗin haya bayan cikar wa'adi, za a ce sun janye notis ɗinsu ko sun buɗe sabuwar haya, su koma ƙirge daga farko. Da yawa daga cikin waɗanda suke ƙin ƙarin mako biyu wannan tsoron ne yake hana su, ba rashin tausayi ba. Ka cire masa shi da hannunka, ka rubuta cewa kuɗin da za ka biya na waɗannan kwanakin ne kaɗai kuma ba sabunta haya ba ne.

Lissafin kuɗin ma ka yi shi da kanka, kada ka bari a yi maka. Tunda ɗaya ga wata kake biya, Afrilu za ta zama cikakken wata, Mayu kuma ka raba kuɗin wata gida 31 ka ninka da huɗu. Idan kana da hali, ka ce za ka biya gaba ɗaya ranar da ya amince, a ba ka rasit da ya ambaci kwanakin. Ga yadda nake ganin wasiƙar za ta kasance, ka gyara ta da bakinka:

"24 ga Fabrairu 2026. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na karɓi takardar notis ɗinka mai kwanan watan 27 ga Janairu 2026 daga hannun wakilinka ranar Talata, 3 ga Fabrairu 2026. Bisa yarjejeniyarmu ta kwana 60, idan aka fara ƙirge daga washegarin karɓa, wa'adin zai cika ranar Asabar, 4 ga Afrilu 2026. Na riga na sami inda zan koma, kuma za a ba ni makulli ranar 30 ga Afrilu. Don haka ina roƙon ka ƙara mini kwana 30, daga 5 ga Afrilu zuwa Litinin, 4 ga Mayu 2026, ranar da zan miƙa makulli in bar gidan a share. Zan biya kuɗin Afrilu cikakke da na kwana huɗu na Mayu da zarar ka amince, tare da kuɗin wuta da na ruwa har zuwa ranar tashina. Wannan biyan na waɗannan kwanakin ne kawai, ba sabunta haya ba ne. Na kuma yarda ma'aikatanka su shigo su yi awo idan an sanar da ni kwana ɗaya kafin zuwansu. Wannan roƙo bai rage wa ɗayanmu wani haƙƙi da yarjejeniya ko doka ta ba shi ba. Ina roƙon amsarka a rubuce zuwa ranar Talata, 10 ga Maris. Na gode da zaman mutunci na shekara huɗu."

Ka lura da abin da babu a ciki. Babu sunan wakili a matsayin mai laifi, babu 27 ga Maris ko sau ɗaya, babu dogon labarin wahala. Idan kana da wata takarda daga sabon gidan da ta nuna 30 ga Afrilu, ka haɗa kwafinta, domin ita ce za ta tabbatar masa cewa tashin naka gaskiya ne kuma yana da rana. Jumlar da ta yi maganar haƙƙi kuwa kada ka cire ta don jin kunya. Amfaninta shi ne kada a wayi gari a ce neman ƙarin da ka yi ya nuna ka amince da duk abin da ke cikin notis ɗin, har da inda aka yi kuskure. Mai gida ma ta kare shi, shi ya sa na rubuta ta da "ɗayanmu".

Wajen miƙa wasiƙar, kada ka maimaita abin da ya jefa ka cikin wannan jayayyar. Ka yi kwafi biyu, ka kai, wanda ya karɓa ya rubuta sunansa da kwanan wata a kan naka ya sa hannu. Ka ɗauki hotonta ka tura wa mai gidan ta waya a ranar, ko da wakili ne ya karɓa, domin ka riga ka ga yadda takarda take kwana bakwai a hanya. Idan akwai fahimta tsakaninku, ka kira shi tukuna ka gaishe shi ka ce ga wasiƙa nan tafe, saboda akwai mutanen da takarda ba sallama take yi musu kama da sammaci.

Na sa 10 ga Maris da gangan. Mako biyu ya ishi mutum ya tuntuɓi maginansa, kuma idan amsar ta zo a'a, kana da sauran kwana 25 kafin 4 ga Afrilu, ko 17 idan aka nace a kan ranar wakili. Idan ranar ta zo ba amsa, kada ka ɗauki shiru a matsayin yarda. Ka tuna masa sau ɗaya a rubuce, ka ci gaba da shiri kamar an ƙi. Idan kuma ya ce maka a waya, "Ba komai, ka zauna," ka yi godiya, sannan a daren nan ka tura masa saƙo cewa kamar yadda kuka yi magana yau, ya amince ka zauna har 4 ga Mayu, kana roƙon ya tabbatar. Idan wakili ne ya amince, ka nemi tabbacin daga mai gida, domin ba kowane wakili aka ba ikon ƙara wa'adi ba.

Mai gidan yana iya ba ka rabi, a ce zuwa tsakiyar Afrilu. Ka karɓa, a rubuce, sannan ka juya wajen mai sabon gidan ka tambaye shi ko za a iya matso da ranar makulli, ko a ba ka ɗaki ɗaya ka fara ajiye kaya. Gibin mako biyu ya fi na wata sauƙin cikewa, ko da ta kai iyali su ɗan sauka wurin 'yan'uwa. Idan kuwa ya ƙi gaba ɗaya, to a nan ne kwana takwas ɗinka za su yi aiki, kuma a nan ne za ka rubuta wasiƙa ta biyu gajeriya wadda ta tsaya a kan 4 ga Afrilu kaɗai, tare da hujjar ranar karɓa. Za ka ji masu cewa ka yi zamanka kawai, ai sai kotu ta fitar da kai. Gaskiya ne cewa a yawancin dokoki cikar wa'adi ba ta ba mai gida ikon fasa ƙofa ko watso kaya waje da kansa, sai ya bi ta kotu, kuma idan aka yi maka barazanar haka ka garzaya wurin lauya. Amma zama bayan wa'adi ba tare da izini ba yana iya jawo maka biyan kuɗin kwanakin da na shari'a, ya kuma zubar da sunan da ka shekara huɗu kana ginawa, duk a kan wata ɗaya. Ban ga ribarsa a lamarinka ba.

Ka karanta sakin notis ɗin a daren nan, ka nemo saƙon 3 ga Fabrairu a wayarka, gobe Laraba ka kai wasiƙar. Idan goben ce ka kai, ka tuna ka mayar da kwanan watan da ke samanta 25 ga Fabrairu. Allah Ya sa mai gidan ya amsa da alheri, Ya kuma sa ku shiga sabon gidan a sa'a.